"Bamba ce kawai, Shef": abin da rahoton ƙaramin karo ya kamata ya faɗa

Saƙon muryar ya shigo wayata wajen ƙarfe takwas saura na safe, a cikin watan Janairu, lokacin ina kula da motocin wani kamfani a Garwa. Direban dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da ya ce bai fi numfashi uku ba: "Shef, ina kwana. Mun ɗan gogu da wata babbar mota bayan Figil. Hanya ce ba kyau, birki ya ƙi ci. Bamba ce kawai, ba wanda ya ji ciwo, mun sasanta da mutumin. Na ci gaba." Na yi hamdala, na ce Allah ya kiyaye gaba, na koma kan aikina. Ba a yi awa ɗaya ba ya sake kira daga kusa da Muturwa, allurar zafi ta haura ja, tururi na fita ta ƙarƙashin murfin inji.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin saƙon nan, amma babu jimla ɗaya a ciki da zan iya aiki da ita. Wannan shi ne ciwon yawancin rahotannin ƙananan haɗurra a wajenmu. Direba yana ba da labari ne don ya kwantar wa maigidansa da hankali, shi kuwa mai kula da motoci abin da yake bukata shi ne bayanin da zai yanke shawara uku a kansa: motar ta ci gaba da tafiya ko ta tsaya, me za a gaya wa kamfanin inshora, kuma wa zai biya me. Rahoto yana da ɓangarori biyu, yanayin hanya da ɓarnar mota, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsu kamar ba su haɗa komai ba. Ni abin da aiki ya koya mini shi ne kowane ɗaya shaidar ɗan'uwansa ne. Abin da direba ya faɗa game da hanya dole ya iya haifar da ɓarnar da ke jikin ƙarfe, ɓarnar kuma dole ta gaskata labarin hanyar. In suka saɓa, to akwai abin da ba a faɗa ba.

Bari mu fara da "bayan Figil". Daga Garwa zuwa Marwa a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta taso tun daga Yawunde ta bi ta Ngaundere har Kusiri, tafiyar ta haura kilomita 200, Figil kuma tana wajen kilomita 90 daga Garwa. Duk abin da ke gaba da ita ana iya kiransa "bayan Figil", har ƙofar Marwa. Wanda zai tura makanike ko ya kira jandarmomin da yankin ke hannunsu ba zai yi komai da wannan ba. Abin da ake so shi ne sunan ƙauyen da aka wuce da wanda ke gaba, lambar da ke kan turken kilomita in akwai shi a kusa, da lambar da ma'aunin tafiyar motar ke nunawa a lokacin. Yanzu da kusan kowane direba ke da waya mai taswira, tura wurin da yake tsaye bai fi taɓawa biyu ba. Lokaci ma haka: "da safe" ba lokaci ba ne, ƙarfe 7:25 shi ne lokaci, domin idan motar tana da na'urar bin sawu, da wannan mintin ne za a nemo gudun da take yi kafin karon.

"Hanya ce ba kyau" kuwa magana ce da kowa zai yarda da ita a arewacin Kamaru, shi ya sa ba ta bayyana komai. Rashin kyan hanya iri-iri ne, kuma kowanne da irin haɗarin da yake jawowa. Rami yana sa na gaba ya taka birki ba zato, ko ya kauce ya shigo hannun wani. Yashin da iska ko ruwan damina ya shimfiɗa a kan kwalta yana sa taya ta ja. Gefen kwalta da ya zaizaye ya zama kamar matakala yana fizgar sitiyari in taya ɗaya ta faɗa. Laka bayan ruwan Agusta daban, hazon Disamba zuwa Fabrairu daban, ƙurar da babbar mota ke tayarwa in ta sauka daga kwalta ita ma daban. Da na samu zama da dattijon washegari, sai na riƙa yi masa tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baba, da ka fara ganin motar, tazarar da ke tsakaninku ta kai nawa?"

Ya yi shiru yana auna abin a ransa, sannan ya ce, "Tun daga Figil nake bin ta, ɗauke take da auduga. Sai ta sauka gefe don ta kauce wa ramuka, ƙura ta tashi ta haɗu da hazo, na daina ganinta gaba ɗaya. Da ta sake bayyana, kusan a tsaye take. Bai fi tsawon irinta biyu ba tsakaninmu."

"Fitilun birkinta sun kama?"

"Ban ga ja ba, Shef. Ko ba sa aiki, ko ƙura ta rufe su. Ba zan rantse ba."

Wannan amsa ta ƙarshe ta fi mini komai daraja, kuma haka na rubuta ta a rahoto. Direba ya faɗi abin da idonsa ya gani a matsayin gani, abin da yake zato kuma a matsayin zato. Da ya rubuta cewa fitilun motar ba sa aiki, sannan aka gwada aka ga suna kamawa, da duk sauran maganarsa ta zube, har da wadda take gaskiya tsantsa.

Daga nan lissafi ya shigo, kuma ba mai wuya ba ne. Ya ce yana gudun kilomita 50 a awa, na'urar bin sawu ma ta nuna kusan hakan. Mota mai wannan gudun tana cin wajen mita 14 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga haɗari zuwa lokacin da ƙafa ta danna birki, mutum mai lafiya da bai gaji ba yana ɗaukar kusan daƙiƙa ɗaya, wato mita 14 sun tafi birki bai fara aiki ba. A busasshiyar kwalta mai tsabta, da tayoyi masu kyau, tsayawa daga wannan gudun na bukatar kusan wasu mita 14, jimla wajen 28. Amma in akwai yashi a kan kwaltar, riƙon taya yana raguwa ƙwarai, mita 14 ɗin nan na birki sai su koma wajen 25, jimla kusan 39. Tsawon babbar mota biyu da ya faɗa, a ce mita 35 ne. Ka ga a hanya mai tsabta da ya tsaya da sauran fili, a kan yashi kuwa fili ya ƙare masa yana da sauran gudun wajen kilomita 20 a awa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma kimar da dattijon ya bayar ta dace da abin da muka gani a jikin motar: raga ta fashe, murfin inji ya lanƙwashe, amma jakar iska ba ta buɗe ba, shasi bai motsa ba. Da ya ce yana tafiya a hankali kamar mai keke sannan muka tarar da gaban mota ya shige ciki, da ƙarfen ya ƙaryata shi.

Wannan lissafin yana bayyana yadda abin ya faru, amma bai wanke direba ba, kuma ina ganin rashin adalci ne a bar shi yana zaton ya wanke shi. Wanda ba ya ganin abin da ya wuce mita 35 a gabansa bai kamata ya kasance a kan gudun da ke bukatar mita 39 ba. Da ƙurar ta tashi, lokacin ɗage ƙafa ke nan. A ƙa'idar tuƙi, wanda ya daki na gabansa ta baya shi ake fara tuhuma, domin a kansa ne kiyaye tazara yake. Amfanin bayanin hanya shi ne ya bambanta kuskuren daƙiƙa biyu a cikin hazo da ganganci irin na mai waya a kunne, ya kuma gaya wa mai kula da motoci abin da zai faɗa wa sauran direbobi kafin su bi ta wurin gobe.

Sai maganar da ta fi tsorata ni a saƙon, wato "birki ya ƙi ci". Direbobi suna faɗinta ba tare da sun san nauyinta ba. In aka rubuta a takarda cewa birki ya ƙi, ma'anarsa kamfani ya fitar da mota marar lafiya kan hanya, garejin da ya duba ta ya yi sakaci, kuma dole a ajiye motar har a kwance birkin a duba. In gaskiya ne, wajibi a faɗa, ko da ran wa zai ɓaci. Amma sau da yawa ba birki ne ya ƙi ba, taya ce ta rasa abin riƙewa. Bambancin yana ƙarƙashin ƙafar direba, kuma shi kaɗai ya ji shi. In feda ta nutse har ƙasa ba nauyi, ko ta yi laushi kamar an taka soso, to matsalar mai ce, ko ya zube ko iska ta shiga bututu. In ta yi tauri kamar dutse motar kuma ba ta rage gudu yadda ya kamata ba, a duba abin da ke taimaka wa ƙafa ƙarfi. In kuwa feda ta riƙa karkarwa tana bugun tafin ƙafa, ana jin gurnani daga ƙasa, wannan ABS ne ke aikinsa, yana saki yana kamawa don kada tayoyi su kulle, kuma a kan yashi ko tsakuwa yakan ƙara tsawon tsayawa. Da na tambayi dattijon sai ya ce, "Karkarwa ta yi, kamar tana ture mini ƙafa." Shi ke nan, birki lafiyarsa ƙalau. A rahoto muka rubuta abin da ƙafarsa ta ji, ba mu rubuta hukuncin da ya yanke ba.

Yanzu ga "bamba ce kawai", wadda ita ce ta kusa cinye mana inji. Motarmu a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, abin da ta daka kuma ƙarfen bayan babbar mota ne. Bamba an yi ta ne don ta haɗu da abin da ke daidai tsayinta. Ƙarfen bayan babbar mota ya fi ta tsayi, sannan duk motar da aka taka wa birki da ƙarfi hancinta yana dukawa ƙasa. Saboda haka bamba ta shige ƙarƙashi da 'yar ƙujewa, ƙarfen kuma ya sauka a kan raga, inda babu wani abu mai ƙarfi da zai tare shi. Bayan ragar nan akwai faifan na'urar sanyi, bayansa lagireto, bayan lagireto fanka. Duka ɗaya ya tura su baya, kan lagireto na roba ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa. A tsaye ruwa yana ɗiga ne kaɗan-kaɗan, amma da inji ya ɗauki zafi, matsi ya ƙaru, tsagar ta buɗe baki.

Dattijon ya ga ɗigon a ƙasa, ya ɗauka ruwan na'urar sanyi ne. Kuskure ne mai sauƙin yi, musamman a nan da ake yawan cika lagireto da ruwan famfo marar launi. Amma wurin ɗigon yana faɗin asalinsa. Ruwan na'urar sanyi yana sauka ne daga bayan inji, kusa da ƙafar wanda ke zaune a gefen direba, kuma da sanyinsa. Ruwan lagireto yana sauka daga can gaba, ƙarƙashin bamba, da ɗuminsa, in kuma an zuba maganin lagireto za a ga launi kore ko ja-ja, da ɗan ƙamshi mai zaƙi da santsi a yatsa. A safiyar Janairu ma, da sanyi da busasshiyar iska, wa ya kunna na'urar sanyi balle ta zubar da ruwa? Da an tambaye shi wannan tun a kiran farko, da shi da kansa ya gane. Ni ne ban tambaya ba, kuma wannan kason laifin nawa ne.

Dubawar da ake bukata kafin a ce "na ci gaba" ba ta wuce minti goma. A kashe inji, a buɗe murfi, a ga ko yana buɗuwa yana rufuwa daidai, domin murfin da makullinsa ya goce yana iya tashi a kan gudu ya rufe gilashi. A dubi tazarar da ke tsakanin murfin da gefen mota hagu da dama, in ɗaya ta fi ɗaya faɗi to wani abu ya matsa a ciki. A leƙa robar ajiyar ruwa a ga inda ruwan ya tsaya, kada a kuskura a buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska. A tayar da inji a bar shi minti biyar a tsaye, ana sauraron ko fanka na taɓa wani abu, sannan a durƙusa a dubi ƙasa. A kunna fitilu da sigina, a girgiza fitilar gaba da hannu, domin gilashinta na iya zama lafiya alhali kunnuwan da ke riƙe ta sun karye. In duk wannan ya yi daidai, a ja motar a hankali mita ɗari, a ga ko sitiyari na tsaye a tsakiya ko motar na ja gefe. Abin da aka gani a kowanne shi ake faɗa wa mai kula da motoci, shi kuma ya ce a tafi ko a tsaya. Allah ya taimake mu dattijon yana kallon allura, ya kashe inji da ta haura. Da ya ƙara 'yan kilomitoci, da gaskit ya ƙone, wataƙila kan inji ya lanƙwashe, gyaran kwana ɗaya ya koma na makonni.

A wajen rubuta ɓarna, kalmomi irin su "ta ɗan lalace" ba su da amfani. A faɗi sunan abin, ɓangaren da yake, hagu ko dama kamar yadda mai zaune a kujerar direba zai faɗa, irin ɓarnar, da girmanta: ƙujewa ce, lotsawa ce, tsagewa ce ko karyewa, faɗin tafin hannu ne ko tsawon kamu biyu. Hoto kuma a fara daga nesa, motocin biyu a inda suka tsaya kafin a matsar da su, hanya ta fito, ramuka su fito, yashi da sawun taya su fito. Sannan a matso, kusurwa huɗu na kowace mota, lambobinsu, daga ƙarshe ɓarnar kanta da wani abu a gefenta da zai nuna girma, ko da makullin mota ne. Direbobi sukan ɗauki hoton tasu motar su manta da ta ɗayan, alhali ita ce aka fi bukata. Sabon rauni a jikin ƙarfe yana ƙyalli, kuma sau da yawa yana ɗauke da fentin motar da ta yi shi. Tsohon rauni ya yi tsatsa, ƙura ta zauna a cikinsa. Wannan bambancin kwana kaɗan yake yi ya ɓace, musamman da damina.

Hoton nan ne ya kai mu ga "mun sasanta". Sulhu alheri ne, kuma a gefen hanya, inda mutane suka taru kowa na faɗin albarkacin bakinsa, dattijo mai mutunci zai fi son a rabu lafiya. Ya ba direban babbar motar wani abu daga aljihunsa, ya ce a yi haƙuri, laifinsa ne, suka yi musabaha. Bayan kwana uku mai motar ya kira ofis yana cewa an karya masa fitilun baya biyu an kuma lanƙwasa ƙofar bodi, ga shi direbanku ya amsa laifi a gaban shaidu. Abin da ya cece mu hoto ɗaya ne da abokin tafiyar dattijon ya ɗauka ba da wata niyya ba, inda ake ganin lanƙwasar ƙofar da tsatsarta, sama da inda hancin motarmu zai iya kaiwa da fiye da kamu uku.

Kamaru da Cadi duka suna bin dokar inshora ɗaya, wadda ake kira dokar CIMA, daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Dokar ta ba kamfanin inshora damar sharɗanta cewa duk amsa laifi ko sulhun da aka yi ba da saninsa ba, ba zai hau kansa ba. Amma ta kuma ce faɗin abin da ya auku a zahiri ba amsa laifi ba ne. A nan ne direba ya kamata ya tsaya. "Gaban motata ya daki bayan motarsa" gaskiya ce da ba a ɓoyewa, kuma ba wanda ya ce a ɓoye ta. "Laifina ne, zan biya" hukunci ne da alkawari, kuma mota ba tasa ba ce, inshora ba da sunansa take ba. Ana iya ba mutum haƙuri, a jajanta masa, a rabu da mutunci, ba tare da an ɗaura wa kamfani bashin da ba a san iyakarsa ba. Abin da ya kamata a karɓa daga ɗayan shi ne sunansa da lambar wayarsa, lambar mota, sunan mai ita kamar yadda yake a takardar mota, da hoton takardar inshorarsa a ga kamfanin da ranar ƙarewarta. In akwai saɓani, ko ɓarnar ta wuce abin da za a kawar da kai, a nemi a yi konsta, wato takardar shaidar haɗari: 'yan sanda a cikin gari, jandarmomi a kan hanyar daji. In kuwa wani ya ji ciwo, ko ɗan acaɓa ne ya ce gwiwa ce kawai, to batun ya fita daga ƙaramin karo, asibiti da hukuma ne farko.

Akwai kuma lokaci. A ƙarƙashin wannan doka, mai inshora zai sanar da kamfaninsa da zarar ya san abin ya faru, cikin wa'adin da ke rubuce a yarjejeniyarsu, wanda ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba. Direban da ya tafi Kusiri ya yi mako, ya ce sai ya dawo zai yi bayani da baki, ya cinye wa'adin nan bai sani ba. Jinkiri ba ya soke haƙƙi kai tsaye, sai kamfanin inshora ya nuna cewa ya jawo masa asara, amma me zai sa a buɗe wannan ƙofar? Haka nan mai gyara ya jira. In motar tana da cikakkiyar inshora, masanin da kamfanin zai turo ya ƙiyasta ɓarna yana bukatar ganinta yadda take, kuma bambar da aka buga aka shafe da fenti a garejin gefen hanya ba ta da sauran abin nunawa. In kuwa inshorar dole ce kawai, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani, to gyaran motarmu daga aljihun kamfani zai fito. Ko a cikakkiyar ma akwai kason farko da mai mota ke ɗauka. A ce kason sefa dubu 100 ne, gyaran kuma dubu 80, babu abin da za a karɓo. Duk da haka ana sanar da su, saboda ɗayan ɓangaren yana iya tasowa da da'awa daga baya, kamar yadda namu ya taso.

Wani abin da ke lalata rahoto a yankinmu shi ne harshe. Takardun kamfani da na inshora da Faransanci ake cika su, direbobi da yawa kuwa da Hausa ko Fulatanci suke tunani, a Cadi a ƙara da Larabci. In aka tilasta wa mutum ya rubuta da harshen da bai ƙware ba, zai taƙaita, ya ɗauko jimlolin da ya haddace, cikakken bayanin ya zube a hanya. Abin da na koma yi shi ne direba ya turo saƙon murya da harshensa tun yana wurin, kafin labarin ya fara gyara kansa a cikin ƙwaƙwalwa. Ni zan juya shi a takarda, in karanta masa da Hausa jimla bayan jimla, sai ya ce haka ne sannan ya sa hannu. Saƙon muryar kuma a ajiye shi tare da hotuna.

Masu kula da motoci ma suna da nasu kason. Direban da ya san cewa duk ƙujewar da ya faɗa za a zare ta daga albashinsa ba tare da an saurare shi ba, zai koyi cewa "bamba ce kawai", ko ya biya ta wajen mai fenti kafin ya shigo gari. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta hana mai ɗaukar aiki cin ma'aikaci tara, amma ko ba doka, lissafin kansa bai fita ba: kuɗin raga ɗaya da aka ƙwata ba zai biya injin da wani zai ƙona gobe don tsoron faɗin gaskiya ba. Ni na fi tsananta wa wanda ya ɓoye a kan wanda ya yi karo.

Ga yadda rahoton dattijon ya koma bayan mun zauna, in an cire lambobi da sunaye:

"Da ƙarfe 7:25 na safe, a babbar hanyar Garwa zuwa Marwa, tsakanin Figil da Bidzar, ina tafiya wajen Marwa da mutum ɗaya a mota da kaya marasa nauyi. Akwai hazo, kwalta a bushe take, da ramuka a hannunmu da yashi a shimfiɗe a kanta. Ina bin wata babbar mota mai ɗauke da auduga a gudun kilomita 50. Ta sauka gefe, ƙura ta tashi, na daina ganinta. Da na sake ganinta tana tafiya kamar ta tsaya, tazararmu kamar mita 35. Ban ga fitilar birkinta ba, ban tabbatar ko tana aiki ba. Na taka birki, feda ta yi karkarwa, motar ta ja a kan yashi, gabanta ya daki ƙarfen bayan babbar motar. Ba wanda ya ji ciwo. A motarmu: raga ta fashe, bakin murfin inji ya lotsa faɗin tafin hannu biyu, saman bamba ya ƙuje, kunnen fitilar dama ya karye, kan lagireto ya tsage. A tasu: farin fentinmu a kan ƙarfen baya, ban ga sabuwar ɓarna ba. Na ba direban kuɗi daga aljihuna, na ce masa laifina ne, ba mu rubuta komai ba. Na ga ɗigon ruwa a ƙarƙashin gaba, na ɗauka na na'urar sanyi ne, na ci gaba. Kusa da Muturwa allurar zafi ta hau, na kashe inji."

Da na gama karanta masa, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya nuna layin kuɗin da ya bayar ya ce, "Shef, wannan ma sai an sa?" Na ce, "Baba, mutumin zai faɗa. Gara su fara ji daga bakinmu." Ya karɓi biro ya sa hannu, muka tura wa kamfanin inshora a rana ta biyu, da hotuna bakwai a haɗe.